Filin Shawara: Yatsun da Ke Yin Fari da Shuɗi Idan Sanyi Ya Taɓa Su

Wasiƙa ta farko

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, shekarata 20. Tun ina aji biyar a sakandare, duk lokacin hunturu in na yi alwalar asuba da ruwan da ya kwana a bokiti, sai yatsuna su yi fari fat daga kai zuwa gaɓa ta biyu, su sage, ko maɓallin riga ba na iya ɓallewa. Hannu biyun ne suke yi, amma ban da babban yatsa. Can sai su koma shuɗi-shuɗi, in sun fara ɗumi kuma su yi ja da zugi har hawaye ya zubo mini. Ko da zafi ma, in na riƙe ledar ƙanƙara haka suke yi. Mama ta ce ita ma ta yi irinsa tana budurwa. Ƙawayena sun ce ƙarancin jini ne, na sha maganin ƙarin jini ban ga canji ba. Yanzu wata ta ce mini irin wannan ne ake yanke wa mutum yatsa. Anti, hankalina ya tashi.

'Yarki, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, abin da kika kwatanta sananne ne a wurin likitoci. Suna kiransa ciwon Raynaud, da sunan wani likita Bafaranshe, Maurice Raynaud, wanda ya bayyana shi a shekarar 1862.

Ga abin da ke faruwa. Duk ɗan Adam in ya ji sanyi, ƙananan jijiyoyin jinin da ke fatarsa sukan tsuke, don jiki ya tattara ɗumi ya mayar da shi ciki. Naki jijiyoyin na yatsu suna wuce gona da iri ne. Maimakon su ɗan rage, sai su matse gaba ɗaya, kamar tiyon ruwa da aka take da ƙafa. Jini ya daina shiga, shi ne farin da kike gani da sagewar. Ɗan jinin da ya maƙale a wurin kuma naman yatsa ya zuƙe iskar da ke cikinsa, launinsa ya yi duhu, shi ne shuɗin. Da jijiyar ta saki, jini ya kwararo da ƙarfi, nan ne ja da zugi suke zuwa. Zugin da yake sa ki hawaye alama ce ta dawowar jini, kuma yawanci cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin bayan hannu ya sami ɗumi komai ya koma yadda yake.

Wannan dabam yake da ƙarancin jini. Mai ƙarancin jini tafin hannunsa da cikin fatar idonsa da harshensa duk sun koɗe, kuma haka suke safe da yamma, ga kasala da haki. Naki kuwa yana zuwa ya tafi, kuma yana da iyaka a kan yatsa, har ana iya nuna inda fari ya tsaya. Shi ya sa maganin ƙarin jini bai taɓa shi ba.

Ciwon iri biyu ne, kuma duk muhimmancin maganar a nan yake. Akwai wanda yake zaman kansa, babu wata cuta a ƙarƙashinsa, jijiyoyin lafiyarsu ƙalau, saurin tsukewa kawai gare su. Akwai kuma wanda wata cuta ce ta turo shi. Duk abin da kika faɗa mini yana nuni ga na farkon. Ya fara miki da ƙuruciya, shi kuwa yakan fara ne tsakanin shekara 15 zuwa 30, kuma ya fi kama mata. Hannu biyu yake kamawa daidai, ya bar babban yatsa. Mahaifiyarki ta yi shi, ga ta nan da yatsunta goma. Ba ki ambaci gyambo a kan yatsa ba, ko ciwon gaɓoɓi, ko ƙuraje a fuska. Irin wannan ba ya kaiwa ga yanke yatsa, domin jini yana dawowa kafin nama ya lalace.

Duk da haka ina so ki ga likita sau ɗaya, ya duba ki, ya yi miki gwajin jini, ki huta da zullumi. Kafin ki je, ki ɗauki hoton yatsun da waya lokacin da abin ya motsa, domin da wuya ya motsa a gaban likita. Ki ɗauki ɓangaren tafin hannu da farata, a wuri mai haske. A fatarmu baƙa, bayan hannu ba ya nuna launi sosai, sai dai ya yi toka-toka, a cikin yatsa da ƙarƙashin farce ake ganin gaskiyar abin. Ki kuma ɗaga wa lalle ƙafa har sai an duba ki, saboda yana rufe daidai wurin da likita yake son gani.

Maganin da ya fi yi wa masu irin naki aiki shi ne tare sanyin tun kafin ya iso. Ki dafa ruwa da dare ki zuba a fulas, da asuba ki sirka shi ya yi ɗumi ki yi alwala, ki goge hannu ya bushe sarai, domin danshin da ya saura yana ci gaba da jan ɗumin fata. Safar hannu tana taimakawa, amma mutane da yawa ba su san cewa sanyin gangar jiki ma yana tayar da shi ba. Kina iya sa safa biyu, in ƙirjinki da kanki suna jin iska, yatsun za su yi fari. Don haka rigar sanyi da safar ƙafa da rufe kai suna cikin maganin. Abin da za ki ɗauko daga firiza, ki sa tsumma. In kin san za ki shiga ɗakin karatu ko banki mai na'urar sanyaya ɗaki, ki tafi da mayafi mai kauri, domin fitowa daga rana zuwa ɗaki mai sanyi kwatsam ya isa ya tayar da shi ko a watan Afrilu. Fargaba da ɓacin rai ma suna tsuke jijiyoyin, kada ki yi mamaki in ya zo miki a zauren jarrabawa.

In ya riga ya kama, ki cusa hannuwan a hammata, ko ki wurwura su daga kafaɗa, ko ki tsoma su a ruwa mai ɗumi wanda kika fara gwadawa da gwiwar hannu. Kada ki kara su a garwashi ko risho. Yatsan da ya sage ba ya jin zafi, sai ya ƙone ba ki sani ba.

Wasiƙa ta biyu

Anti barka da aiki. Ni tela ce, shekarata 42, 'ya'yana biyar. Ban taɓa samun matsala da sanyi ba sai shekara biyu da suka wuce. Yanzu ko wanki na yi da ruwan famfo yatsuna sai su yi fari su yi shuɗi, har da babban yatsa, kuma suna daɗewa kafin su dawo. Yatsun sun kumbura, zobena ya daina shiga, fatar ta yi tauri tana ƙyalli, ba na iya dunƙule hannu sosai. Akwai ɗan gyambo a kan manuniyata ta dama, wata biyu ya ƙi warkewa, zuginsa yana hana ni barci. Ga ƙwannafi kullum, tuwo ma sai na bi shi da ruwa yake wucewa. A wuyana da goshina wasu ɗigo-ɗigon fari sun fito. Mai kemis ya ce sanyin ƙashi ne, ya ba ni firednisolon, ina shan ƙwaya huɗu a rana, na ɗan ji sauƙin kumburin. Uwar mijina kuma ta ce sammu ne saboda kasuwata tana tafiya. Me kike gani?

Ƙanwarki, daga Gusau

Ƙanwata, wasiƙarki ta tsaya mini a rai, kuma ba zan ɓoye miki ba: ina so ki ga likita cikin makon nan, kada ki jira hunturu ya wuce.

Launin yatsunki iri ɗaya ne da na yarinyar da na amsa wa a sama, amma labarin ya sha bamban. Naki ya fara kina da shekara arba'in, ya kama babban yatsa, kuma ya bar gyambo. Gyambon nan shi ne babbar shaida, domin yana nuna cewa jini yana yankewa har nama ya fara lalacewa, abin da ba ya faruwa in jijiyoyin lafiyayyu ne. Sai kuma sauran abubuwan da kika lissafa kamar ba su da alaƙa da juna, alhali zare ɗaya ne ya ɗinke su. Kumburin yatsu, taurin fata da ƙyallinta, ƙwannafi, maƙalewar abinci, da ɗigon fari a wuya, in suka haɗu da canjin launin yatsu, abin da likita zai fara tunani shi ne wata cuta da ake kira iskilerodama. Ba ni da ikon yanke miki hukunci daga takarda, amma dole a bincika wannan da farko.

Cuta ce ta garkuwar jiki. Garkuwar da ya kamata ta yaƙi ƙwayoyin cuta sai ta juya kan ƙananan jijiyoyin jini, bangonsu ya yi kauri, hanyar jini ta ƙuntace, jiki kuma ya riƙa tara wani abu mai kama da tabo a fata da wasu sassan ciki. Jijiyar da ta riga ta ƙuntace, in sanyi ya ƙara matse ta, jini ya kan daɗe bai wuce ba. Fiye da tara cikin goma na masu wannan cuta suna da canjin launin yatsu, kuma sau da yawa shi ne yake fara bayyana, wani lokaci da shekaru kafin sauran alamun. Taurin da kike ji a fata yana iya taɓa bututun da abinci ke bi zuwa ciki, shi ne tushen ƙwannafin da wahalar haɗiya. Akwai wasu cututtukan garkuwar jiki da ke kawo irin wannan, kamar lufus, wadda kan zo da ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi, gyambon baki da ƙuraje a kumatu. Gwaji ne zai raba su.

Yanzu maganar firednisolon, wadda ta fi damuna a duk wasiƙarki. Ƙwayar da aka fi sayarwa miligiram 5 ce, in ita kike sha, huɗu sun zama miligiram 20 a rana. Ga mai iskilerodama, shan wannan magani daga miligiram 15 zuwa sama yana ƙara haɗarin wata matsalar ƙoda mai zuwa ba zato, inda hawan jini zai yi tsalle ƙoda ta fara gazawa cikin kwanaki. Na san kin ji sauƙin kumburi, kuma wannan sauƙin ne yake yaudarar mutane su ci gaba. Amma kada ki yanke shi rana ɗaya in kin haura mako biyu zuwa uku kina sha, domin jiki ya saba da shi, yankewa kwatsam na iya kayar da ke. Likita ne zai tsara miki yadda za a rage shi a hankali. Abin da za ki yi yau shi ne ki je a auna jininki, ki ci gaba da aunawa a kai a kai kina rubutawa. In ya hau sama da yadda kika saba, ko kika ji matsanancin ciwon kai, ko ganinki ya dushe, ko fitsari ya ragu, ki tafi asibiti a wannan ranar ko da dare ne.

Ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, irin na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ki ce kina son ganin likitan gaɓoɓi da cututtukan garkuwar jiki. Ki tafi da kwalin duk maganin da kike sha, har na gargajiya. Za a yi miki gwajin jini da ake rubutawa ANA, wanda yake nuna ko garkuwar jiki ta juya kan mai ita, kuma yana fitowa a mafi yawan masu iskilerodama. Za a duba ƙoda da fitsari. Likita yana iya ɗiga mai a gindin farcenki ya leƙa da madubin ƙara girma, domin a nan ne ake ganin ƙananan jijiyoyin jini ta cikin fata. A mai lafiya suna jere sirara, a mai wannan cuta wasu sun buɗe sun yi girma, wasu sun ɓace. Ki roƙa a duba huhu da zuciya ma, ko da ba kya jin komai, saboda cutar tana iya taɓa huhu a ɓoye. In kina haki wajen hawa bene ko kina busasshen tari, ki faɗa tun kafin a tambaye ki.

Don yatsun kansu, akan fara da magungunan da ke buɗe jijiyoyin jini, irin su nifedifin mai narkewa a hankali ko amlodifin. Magungunan hawan jini ne a asali, shi ya sa sai an auna jini kafin a bayar, kuma suna iya kawo ciwon kai, jiri da kumburin idon sawu. In ba su isa ba, akwai sildenafil, wanda mutane suka sani da maganin ƙarfin maza. Kada ki ji kunya in kin ga an rubuta miki shi, aikinsa buɗe jijiyoyin jini ne, kuma yana taimaka wa irin gyambonki ya warke. Kafin nan, ki wanke gyambon da ruwa mai tsabta, ki rufe shi da bandeji, kada a zuba masa toka, man birki ko garin kafso. Ki ɗan ajiye allura da almakashi, domin ƙaramin rauni a yatsan da ba ya samun jini yana iya ɗaukar watanni. In yatsa ya yi shuɗi ya ƙi dawowa tsawon sa'o'i duk da ɗumi, ko kansa ya fara baƙi, ko ya yi ruwa yana wari, wannan na gaggawa ne.

Game da maganar uwar mijinki, kada ki yi jayayya da ita, damuwa da ke ce ta sa ta faɗa. Ki ce mata a ci gaba da addu'a, ke kuma ki je asibiti, in da hali ma ki roƙe ta ta raka ki ta ji daga bakin likita. Cutar ba ta yaɗuwa, za ki ci abinci kwano ɗaya da 'ya'yanki. Ba a warkar da ita gaba ɗaya, amma ana riƙe ta da magani, kuma wanda aka gano tasa da wuri ya fi samun damar kare huhunsa da ƙodarsa.

Wasiƙa ta uku

Hajiya ina gaisuwa. Ni mai walda ne, shekarata 35, kusan shekara goma sha biyu ina aiki da giranda. Yatsu uku na hannun dama suna yin fari da safe in na hau babur, suna kuma yi mini kamar ana tsira allura, ƙananan kusoshi suna suɓuce mini. Ina shan sigari. Watanni huɗu da suka wuce aka sa ni a kan atenolol saboda hawan jini, tun daga nan abin ya ƙaru.

Wani ƙanenki, daga Jos

Malam, ina amsawa. Abubuwa uku ne suka taru a kan hannunka, kuma kowannensu shi kaɗai yana iya kawo wannan matsala.

Na farko girandar. Injin da ke kakkarwa a hannu, in aka shekara da shekaru ana riƙe shi, yana lahanta ƙananan jijiyoyin jini da jijiyoyin ji na yatsu. Masu fasa dutse da inji da masu yankan katako da zarto mai inji suna samun irinsa. Alamarsa ita ce yana farawa a yatsun da suka fi matse injin, a hannun da aka fi aiki da shi, kamar yadda naka ya yi. Suɓucewar kusoshi tana nuna jijiyoyin ji sun fara taɓuwa, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Farin yatsu yana iya raguwa in aka rage aiki da injin tun da wuri, amma mutuwar ji in ta zauna, sau da yawa ba ta komawa. Na san da wannan sana'a kake ci da iyali, ba zan ce ka rufe shago ba. Ka rarraba aikin giranda tsakaninka da yaranka, ka riƙa tsayawa kana hutar da hannu maimakon ka yi sa'o'i a jere, kada ka damƙe injin da ƙarfi fiye da buƙata, ka canza faifan da ya cinye ko ya karkace domin shi ya fi girgiza. Kada ka fara aiki da hannu mai sanyi, kuma a sanyin Jos safar hannu mai tare iska wajibi ce a kan babur.

Na biyu sigari. Sinadarin nikotin yana tsuke jijiyoyin yatsu duk lokacin da ka zuƙa, hayaƙin kuma yana lalata bangonsu a hankali. Akwai ma wata cuta da ke toshe jijiyoyin hannu da ƙafa wadda kusan masu shan taba kaɗai take kamawa, yawanci maza 'yan ƙasa da shekara 45, kuma ita tana kaiwa ga yanke yatsu in ba a daina ba. Saboda hannu ɗaya ne abin ya kama maka, ka sa likita ya taɓa bugun jini a wuyan hannayenka biyu da ƙafafunka, ya auna jini a kowane hannu, don a tabbatar babu toshewa a babbar jijiya.

Na uku maganin. Atenolol da danginsa suna iya tsananta sanyin yatsu, kuma lokacin da ka ce abin ya ƙaru ya dace da lokacin da ka fara sha. Kada ka daina shi da kanka, domin yanke shi kwatsam yana iya tayar da bugun zuciya da hawan jini. Ka koma wurin wanda ya rubuta maka, ka nuna masa hoton yatsun, ka tambaya ko za a iya sauya maka da amlodifin, wanda yake sauke jini kuma yake buɗe jijiyoyin yatsu. Ka kuma guji maganin mura mai buɗe hanci da maganin ciwon ɓarin kai mai ɗauke da agotamin, dukansu suna matse jijiyoyin jini, sai in likita ya duba ya amince.